Mahaifinmu ya fita bai dawo ba, ina za mu fara nema?

"Jama'a don Allah a taimaka. Mahaifinmu ya fita daga gida a Kurna tun jiya bayan La'asar, har yanzu shiru. Ya haura shekara 70 kuma yana da matsalar mantuwa, ba ya riƙe waya. Ina za mu fara nema?"

Allah Ya bayyana Baba cikin ƙoshin lafiya, ɗan'uwa. Ina cikin 'yan sintirin unguwarmu, irin wannan cigiyar ta sha biyowa ta hannunmu.

Dattijo mai mantuwa ba kasafai yake tafiyar banza ba. A ransa akwai inda ya nufa, kuma yawanci wurin da ya saba da shi ne tun yana da ƙarfi: tsohon gidansu, rumfarsa ta kasuwa, masallacin da ya daɗe yana salla, ko garinsu na asali. Abin da ya faru jiya ya ɓace masa, amma na shekara arba'in yana nan daram. Ku zauna da Hajiya yanzu ku tambaye ta wane wuri yake yawan ambata a 'yan kwanakin nan, kuma sunan wa yake kira.

Wani dattijo a layinmu ya taɓa ɓata haka. Iyalansa suka dinga zagaye lungunan kusa da gida, ashe ya kama hanyar Kasuwar Kurmi, inda ya yi sana'a a da. Wani mai shayi ne ya lura da shi zaune a benci ba takalmi, ƙafafunsa sun kumbura. Da ya tambaye shi gida, sai ya ba da kwatancen gidan da suka bari tuntuni, aka kai shi can, mutanen gidan suka ce ba su san shi ba. Daga nan aka miƙa shi ga mai unguwa, a wajensa aka same shi. Shi ya sa nake cewa ku je wurin mai unguwar tsohuwar unguwarsa, kada ku tsaya ga na Kurna kaɗai. A Kano wanda ya tsinci mutum, wurin mai unguwa, masallaci, Hisba ko 'yan sanda yake kai shi.

Rahoton 'yan sanda kuma yau za ku kai, kada wani ya ce muku sai an ƙara kwana. Ku tafi da hoto, ku karɓi lambar wanda ya rubuta. A raba yara: wasu su bi titin Katsina ta wajen Rijiyar Lemo da Bachirawa, wasu su gangaro Ƙofar Ruwa, suna nuna hoton ga masu shayi, masu gadi, ladanai da 'yan adaidaita sahu. Idan Baba yana yawan maganar komawa ƙauye, 'yan kamasho a tasha ne za su tuna ko ya nemi mota. Gidajen rediyo irin su Freedom da Rediyon Kano ma ku kai musu cigiya, domin mai shayi da mai gadi rediyo suke saurare.

Sanarwarka tana buƙatar gyara kafin mu yaɗa ta. Sa hotonsa na kwanan nan, ba na ranar Salla da babbar riga da rawani ba, don ba haka za a gan shi a titi ba. Faɗi launin kayan da ya fita da su, sunan da yake amsawa idan an kira shi, ko yana dogara sanda, da ko akwai maganin da yake sha kullum kamar na ciwon suga ko hawan jini. Lambar waya biyu sun isa, kuma su kasance a kunne dare da rana.

Amma ka ɓoye alama ɗaya, kamar tabo ko zobe. Za ka iya samun mai kira ya ce Baba yana hannunsa, a turo kuɗin mota. Tambaye shi alamar, ko ya ɗauki hoto, ko ya ba Baba waya ku ji muryarsa. Wanda ya tsince shi da gaske ba zai ƙi ba, kuma zai yarda ku haɗu a ƙofar mai unguwa ko ofishin 'yan sanda.

Ni kuma ga abin da zan ɗauka: turo mini hoton ta akwatin saƙo. Bayan Azahar zan shiga Asibitin Murtala in duba sashen gaggawa, in tambayi ma'aikatan jinya ko an kawo dattijon da ba a san danginsa ba tun jiya, sannan in tura wa 'yan sintirin maƙwabtan unguwanni. Wani daga cikinku ya ɗauki asibitin Malam Aminu Kano, wani ya leƙa na Dawanau. Duk abin da na samu zan kira ka kafin Magariba.