CAC ta amince da sunan, amma wata na amfani da shi a Instagram: ina mafita?

Tambaya: Barista, ina wuni. Ina da ƙaramin injin gyaran shinkafa a Argungu, ina ɗura ta a buhuna ina aikawa Birnin Kebbi da Jega da Sakkwato. Na zaɓi sunan Zinariyar Fadama, wakilina ya shigar da shi CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, an amince an ajiye mini. Da ɗana ya je buɗe shafi sai ya tarar wata mata a Gusau tana riƙe da @zinariyarfadama a Instagram, ita ma shinkafa da kayan abinci take sayarwa. Adireshin zinariyarfadama.com kuma yana hannun wani, ya ce sai an ba shi dala. Mai buga buhu yana jirana. Tunda gwamnati ta ba ni sunan, ba zan iya tilasta musu su sakar mini ba? Daga wata Hajiya a Argungu.

Amsa: Hajiya, lafiya lau, Allah ya sa albarka a sana'a. Abu na farko, ki ce wa mai buga buhun ya dakata. Kada a buga ko ɗaya tukuna.

Takardar da ke hannunki ba ta kai ƙarfin da kike zato ba. Dokar kamfanoni ta 2020, a sashe na 31, ta ba CAC damar ajiye wa mutum suna na kwana 60 kafin ya kammala rajista. Ma'anar ajiyar ita ce hukumar ba za ta yi wa wani rajista da wannan sunan ba a cikin waɗannan kwanakin. Iyakarta ke nan. CAC kundinta take dubawa. Ba ta leƙa Instagram ba, ba ta tambayi masu sayar da adireshin intanet ba, balle ta san abin da ake sayarwa a kasuwar Gusau. Ko kin kammala rajistar kin karɓi satifiket, shaida ce cewa hukuma ta san wace ce ke bayan wannan sana'a. Sunan shafi kuwa, da adireshin intanet, ƙa'idarsu ɗaya: wanda ya riga shi ya samu.

Mu ɗauki matar Gusau, domin nan ne matsalar take, kuma ina ganin kin juya tambayar baibai. Kina tambayar yadda za ki ƙwace daga hannunta, alhali abin dubawa shi ne ko ita ce ke da hujja a kanki.

A dokarmu akwai ƙarar da ɗan kasuwa ke iya shigarwa idan wani ya yi masa sojan gona, wato ya fito da kaya da suna ko kama da za su sa masu saye su ɗauka nasa ne. Mai wannan ƙara ba sai yana da rajista ba. Abin da zai nuna wa kotu shi ne ya yi suna da wannan sunan a wurin masu saye, wanda ya zo daga baya yana rikita su, kuma hakan zai jawo masa hasara. Tun 1961 aka yanke irin wannan a shari'ar Niger Chemists da Nigeria Chemists, kantunan magani biyu a Onitsha, inda kotu ta hana na biyun amfani da sunan saboda ya yi kusa da na farkon. To ki duba naki: suna ɗaya sak, kaya ɗaya, jihohi maƙwabta, kuma Sakkwato da kike kai kaya tana tsakaninku.

Saboda haka ɗanki ya zauna ya bi shafin nata da kyau. Ya gangara har hoton farko ya ga shekarar da ta fara. Ya duba ko har yanzu tana sa kaya, ko mutane na tambayar farashi ana ba su amsa, ko buhunanta na ɗauke da sunan a jiki, ko tana aikawa Kebbi. A Instagram akwai wurin da ake kira `About this account` da ke nuna watan da aka buɗe shafin. Ya ɗauki hoton allo na duk abin da ya gani, ya ajiye da kwanan wata.

Idan ya tarar shafi ne mai rai, shekara biyu ko uku ana ciniki, shawarata ki bar mata sunan. Na san da ciwo, amma yau hasararki kuɗin ajiyar suna ne kawai. Bayan an buga buhu dubu, an yi allon shago, an saba da ke a kasuwa, lissafin ya canza. Kuma kada ɗanki ya ce zai yi dabara ya ƙara ɗigo ko lamba, ya buɗe @zinariyar.fadama ko @zinariyarfadama1. Manhajar za ta karɓa, amma mai saye da ya ji sunanki a baki zai rubuta shi yadda ya ji, ya faɗa shafin Gusau, ya tura kuɗi can, sannan ya kira ki yana neman shinkafarsa. Irin wannan rikicewar ce kuma lauyanta zai kai gaban alƙali a matsayin hujja.

Idan kuwa shafin ya mutu, hoto biyu ne tun shekarun baya, haɗarin ƙara ya ragu sosai, sai dai sunan shafin bai zama naki ba. Kamfanin Meta, mai Instagram, yana da fom na kai ƙorafi a kan keta alamar kasuwanci, kuma abin da ya fi saurara shi ne lambar rajistar alama, wadda ba ki da ita. Ko da kina da ita, wadda ta riga ki buɗe shafi da niyya mai kyau ba ta keta komai ba. Za a iya yi mata magana cikin mutunci a roƙe ta ta canza suna. Amma ki sani sharuɗɗan Instagram sun hana saye da sayar da shafi ko sunansa, don haka in kin biya kuɗi aka cuce ki, kamfanin ba zai tsaya miki ba.

Sai mai neman dala. A shiga lookup.icann.org a rubuta adireshin, a duba layin `Created` ko `Creation Date`, da ranar da rajistar za ta ƙare. Wannan kwanan watan shi ne kusan dukan shari'ar. Sashe na 25 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya haramta mutum ya kama sunan kasuwanci ko alamar wani da gangan a intanet don ya hana mai shi amfani da shi, kuma hukuncin ya kai ɗaurin shekara 2 ko tarar naira miliyan 5 ko duka biyun. Akwai kuma hanyar sasanci ta ƙasa da ƙasa a kan adireshin .com, wadda WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, ke gudanarwa, inda dole ki tabbatar da abu uku tare: adireshin ya yi daidai da alamar da kike da haƙƙi a kanta, mai riƙe da shi ba shi da wata halastacciyar alaƙa da sunan, kuma da mugun nufi ya yi rajistarsa yake amfani da shi. Idan ya kama adireshin shekaru kafin ki yi tunanin sunan, ta yaya za a ce ke ya nufa? Kuɗin shigar da ƙarar kaɗai dala 1,500 ne, ban da na lauya. Ga mai injin shinkafa da masu sayenta ke Kebbi da Sakkwato, wannan ɓarnar kuɗi ce. Adireshin .com.ng ko .ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ya wadatar da ke, kuma da naira ake biya ta hannun dillalan da ta amince da su.

To idan za ki sake suna, ga yadda nake so a yi wannan karon, kuma jerin yana da muhimmanci. Ki fito da sunaye uku. Kafin a je CAC, a gwada kowanne a Instagram da Facebook da TikTok, a rubuta shi a Google haɗe da kalmar shinkafa, a duba .com.ng ɗinsa. A gwada shi yadda za a buga a waya: haɗe, babu tazara, babu ƙugiya. Sunan shafi ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ, don haka sunan da ke da su zai koma k da d da b, wani lokaci ya zama wata kalma dabam ko ya yi karo da na wani. A kula da tsawo ma, Instagram harafi 30 take karɓa, X kuwa 15 kacal. Wanda ya tsallake, a nema a kundin CAC, sannan lauya ko wakili ya bincika a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Shinkafa tana rukuni na 30. Mutane na tsallake wannan binciken, alhali sashe na 852 na dokar kamfanoni ya hana rajistar sunan da ya ci karo da alamar da wani ya riga ya mallaka, kuma amincewar CAC ba za ta kare ki ba in mai alamar ya taso.

A wajen zaɓen, ki guji suna irin Shinkafar Argungu zalla. Yana da daɗin ji, amma sunan kaya ne da sunan gari, kuma dokar alamun kasuwanci ba ta cika ba mutum ɗaya mallakar irin wannan ba, tunda duk mai noma a fadamar yana da haƙƙin faɗin inda shinkafarsa ta fito. Ki sa kalmar da ke taki ke kaɗai, garin ya biyo a ƙasan buhu.

Ranar da suna ya tsallake duka, a kama shafukan da adireshin a ranar, kafin a faɗa wa kowa, sannan a shigar da CAC. Buɗe shafi kyauta ne, adireshi kuma kuɗin shekara ne.

Wani abu da nake yawan gani a ofis: a ba yaron shagon intanet ko mai haɗa shafi aikin, ya yi rajistar komai da imel ɗinsa da lambarsa. Ranar da aka saɓa, a takarda shi ne mai adireshin. Ki tabbata a gurbin `Registrant` sunanki ne ko na kasuwancinki, imel ɗin da lambar wayar da ake turo lambar sirri naki ne, ko da ɗanki ne ke gudanar da shafin. Ki rubuta ranar sabuntawa a littafin cinikinki, domin adireshin da aka bari ya ƙare yana komawa kasuwa bayan ɗan wa'adi.

Bayan nan ki shigar da neman rajistar alamar. Ana buga ta a mujallar ofishin, a ba masu ƙorafi wata biyu, in ta wuce ta yi shekara 7, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ba sai kin jira satifiket kafin ki buga buhu ba. Idan bincike ya fito babu karo kuma an karɓi takardar nemanki, ki kira mai buhun ya fara aiki.