Ribar Miliyan 3.6, Amma Aljihu Wayam: Ina Kuɗin Suka Shiga?

Tambaya: Ina sayar da taki da maganin feshi a kasuwar Sabon Gari, Zariya. Akanta ya ce na ci ribar naira miliyan 3.6 a bara, amma a takardar dukiya da bashi ya rubuta wai tarin ribata ya tashi daga miliyan 2 zuwa miliyan 2.6 kawai, kuma dubu 700 ce a banki. Da ribar na so buɗe shago na biyu a Samaru. Ko yaron shagona ne yake yi mini ɓarna?

Amsa: Alhaji, ka ƙyale yaron nan tukuna. Hannun da ya fi shiga durowar shagonka naka ne, kuma alamu sun nuna ba ka rubuta abin da kake ɗauka.

Lissafin riba da faɗuwa labarin wata 12 yake bayarwa, shekara na ƙarewa a rufe shi. Ita kuwa takardar dukiya da bashi hoton rana guda ce: me shago ya mallaka, nawa ake bin sa. Abin da ya haɗa su layi ɗaya ne, wato tarin riba. A ɗauko na ƙarshen shekarar da ta gabata, a ƙara ribar shekara, a cire abin da mai shago ya kwasa don kansa. Naka: miliyan 2 da miliyan 3.6 sun ba da 5.6. An tarar da 2.6. Ke nan miliyan 3 ta fita ta wata ƙofa.

Zauna da biro ka nemo ta. Mu ƙaddara cefane da hidimar gida suna cin dubu 150 a wata, miliyan 1.8 ke nan a shekara. Kuɗin makarantar yara dubu 450. Ragon layya da ɗinkin Sallah dubu 350. Gudummawar auren ƙane dubu 400. Ga miliyan 3 cif, ba ɓarawo ko ɗaya. Buhun takin da ka sa aka kai gonarka da damina ma ɗauka ce, a rubuta shi kan farashin sari. Waɗannan ba kuɗin gudanar da shago ba ne kamar haya ko dako, don haka ba sa rage ribar da akanta ya faɗa maka. Tarin ribar suke ci. Da kamfani ne mai masu hannun jari, da rabon riba za a kira su.

Sai kuskure na biyu: tarin riba ba kuɗi ba ne a ajiye. Tuni ya rikiɗe ya zama kaya a sito da bashi a hannun manoma. A ce da miliyan 5 ka fara. Haɗa da 2.6, haƙƙinka a shagon miliyan 7.6 ne. Yanzu ƙirga ta ɗaya ɓangaren: kaya na miliyan 6.5, bashin da kake bi 1.9, banki dubu 700, janareto da kanta miliyan 1, jimla 10.1. Cire miliyan 2.5 da dilan Kano yake bin ka, saura 7.6. Dole hanyoyin biyu su haɗu a lamba ɗaya. Ranar da ka rubuta duk ɗaukarka amma suka ƙi haɗuwa, to sannan ne za a yi maganar yaro.

Kafin nan ma ka binciki abu biyu da suke kumbura layin tarin riba da iska. Kaya ana ƙiyasta su kan yadda aka saro, ba yadda kake fatan sayarwa ba. Kwalin maganin feshin da wa'adinsa ya wuce, da takin da laima ta daskarar, ƙimarsu ta faɗi, a rage. Haka bashin manomin da kaka biyu ta wuce bai leƙo ba. Idan dubu 500 daga cikin bashin nan matacce ne, tarin ribarka na gaskiya miliyan 2.1 ne, wato dubu 100 kacal shago ya ƙaru da ita a shekara guda. An sha ganin ɗan kasuwa yana murnar riba shekara uku a jere, sai lokacin sari ya zo ya ga kuɗin da a da ke ɗauko buhu 200 yanzu 150 ma da ƙyar, don farashi ya tashi shi kuwa ya cinye abin cike giɓin.

Maganar Samaru a jingine ta. Da me za ka biya haya da kayan farawa, alhali dila yana bin ka fiye da ninki uku na abin da ke banki?

Ka yanka wa kanka albashi, misali dubu 170 a wata, ka riƙa tura shi asusunka daban ranar 1 ga wata. Duk abin da ya wuce haka, ko dubu biyar ce ta mai, a rubuta a littafi daban da kwanan wata. Ku ƙirga sito sau biyu a shekara, kafin saukar damina da bayan girbi, kana tsaye a wurin.