Yaushe ya kamata a sari mangwaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'yan bishiyoyin mangwaro a gonata ta gefen Daura, amma ba sa isata, nakan ƙara da sari in kai kasuwar Mai'adua. Bara na saya da wuri, ga tsada ga tsami. Da na jira ya yi araha kuma sai na kwaso mai tsutsa. Wane lokaci ne daidai, kuma yaya zan gane mai kyau tun yana kwando?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lokacin da kake nema gajere ne. Yana farawa ne sa'ad da mangwaron gida ya cika kasuwa, ya ƙare da zarar damina ta fara zama. A ƙasar Katsina da Daura yawanci daga tsakiyar Afrilu ne zuwa tsakiyar Mayu, amma ka fi dogara da bishiyar gonarka a kan kalanda. Mangwaro yana fure ne da hunturu, ya ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin ya ƙosa. Ranar da ka ga naka ya fara nuna a sama, jemagu sun fara kai masa ziyara da dare, to na maƙwabta ma ya iso, kuma farashi zai karye.

Wanda kake gani kafin nan, mafi yawansa daga kudu ake lodo shi, irin su Binuwai, kuɗin mota na kansa. Saboda nisan hanya kuma ɗanye ake tsinke shi. Abin da ya fi damuna shi ne wasu na turara shi da kabaid, sinadarin nan na masu walda, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda illarsa ga lafiya. Za ka ga bawo ya yi rawaya shar, amma babu ƙamshi a gindin, wani lokaci har da ɗan farin gari a jikinsa. Kabaid launi kawai yake canzawa, ba ya sa zaƙi a abin da bai ƙosa ba. Don Allah kada ka kai wa yaran mutane irin wannan.

In ka tsaya a kan kwando, kada ka yarda da na saman, ai shi ne ado. Ka sa hannu ka zaro guda 5 daga tsakiya da ƙasa. Duba wajen da aka tsinke shi daga reshe: wanda ya ƙosa kafaɗunsa sun ciko har gindin ya ɗan lotsa ciki, wanda bai ƙosa ba kuwa a tsuke yake. Ɗaga shi ka ji nauyi a tafinka. Sannan ka yanka ɗaya, ko da kuɗinka ne. In naman da ke manne da ƙwallon ya fara rawaya, zai nuna da zaƙi ko da bawon kore ne. In fari ne fat, bar shi, yanƙwanewa zai yi. Launin bawo ba hujja ba ne, don akwai irin da ke nuna yana kore.

Tsutsar da ka gani kuwa aikin wani ƙaramin ƙuda ne. Yakan huda bawo ya zuba ƙwai, kuma yana yawaita ne idan iska ta yi laima bayan ruwan farko. Alamarsa ɗan ɗigo ne baƙi kamar bakin allura, in ka danna wajen sai ka ji ya lotsa, wani sa'in ruwa ya tsatso. A lokacin ne kuma baƙin tabo na ruɓa ke bazuwa. Shi ya sa arahar ƙarshen kaka take da ramin mugunta.

Mu yi lissafi. A ce kwando mai guda 100 ka saya naira 5,000 a tsakiyar kaka, guda 10 suka lalace. Kowane ɗaya ya tsaya maka kusan naira 56. Bayan ruwa ya sauka ka samu irinsa a 3,500, amma 40 suka yi tsutsa: kowane ɗaya ya haura naira 58, ga kuɗin mota ɗaya ne, ga mai saye da ya yanka ya ga tsutsa ba zai sake tsayawa gabanka ba.

Tunda ranar Lahadi kasuwar take ci, ka yi sarinka Laraba ko Alhamis, ka zaɓi ƙosasshe mai ɗan tauri. Da ka isa gida ka juye shi daga kwando, ka shimfiɗa a inuwa a kan tabarma ko buhu, kada ka tara shi tuli, kuma kada ka ƙulle shi a leda. Da zafin bazara, kwana 3 zuwa 4 sun isa ya nuna da kansa. Kullum da safe ka bi ka tsame wanda ya fara laushi da yawa, ka sayar da shi nan gida. Mai tsutsa kuma ka binne shi da zurfi, kada ka watsar a gindin bishiyarka, don a cikin ƙasa tsutsar take rikiɗa ta koma ƙuda.