Bakin harafi ake dubawa

Maigida, jiya da mutumin nan na Marwa ya kawo katunan 'yan ƙwallo guda biyu, hoto ɗaya, launi ɗaya, ka ɗora luf, gilashin nan mai ƙara girman abu, a kansu ko minti ɗaya ba ka yi ba ka ce na hagun sake bugu ne. Ni na juya su har idona ya yi ruwa ban ga bambanci ba. Me ka gani? Kuma da shi ne ka gane liyarin da aka kawo wa maƙerin layinmu?

Hoton ka tsaya kallo, shi ya sa. Fuskar ɗan ƙwallo ita ce wurin da mai kwafi ya fi zuba ƙoƙarinsa, kuma nan ne ido ya fi saurin yarda. Ni sunan da ke ƙasan hoton na duba, baƙin rubutun nan ƙanana.

Tuna yadda muke aiki a nan. Hoto mai launi faranti huɗu yake ci: shuɗi, ja, rawaya, baƙi. Inji bai san rabin tawada ba, ko ya sa ko bai sa ba, saboda haka ake farfasa hoton ya zama ɗige-ɗige, manya inda ake son duhu, ƙanana inda ake son haske. A aiki mai kyau layin ɗigo 60 ne a santimita ɗaya, wato kamar ɗigo shida a milimita. Kowane launi da karkatarsa: a tsarin da aka fi bi, baƙi digiri 45, ja 75, shuɗi 15, rawaya a miƙe. Idan huɗun suka hau juna daidai sai ka ga 'yan zobba a jere kamar ƙananan furanni, girma ɗaya, tazara ɗaya, daga wannan kusurwa ta kati har waccan. Haka kamfani irin Panini na Modena a Italiya yake buga hotunan mannawa, shi da ya fitar da littafinsa na farko na gasar kofin duniya a 1970.

To amma rubutu ba a farfasa shi. Sunan ɗan wasa, lambar kati, siririn layin da ya zagaye hoto, 'yan haruffan haƙƙin mallaka da ke baya, duk suna kan farantin baƙi a cike, ba ɗigo ko ɗaya. A ƙarƙashin luf za ka ga harafin ya zauna a kan furannin nan kamar an yanka shi da reza an ɗora.

Shi kuwa mai kwafi ba shi da farantan nan huɗu, katin da aka gama bugawa kawai yake da shi. Ya sa shi a sikana, sikana kuma ba ta san wannan rubutu ne wancan hoto ne ba, duka hoto ɗaya ta ɗauka. Lokacin da zai buga, injinsa ya sake farfasa komai har da rubutun. Sai baƙin harafi ya koma haɗin launi huɗu. A katin hagu na jiya, harafin farko na sunan bakinsa kamar haƙoran zarto, ga ɗigon ja yana leƙowa ta dama, shuɗi ta ƙasa, cikin harafin kuma ba baƙi ƙirin ba ne, ƙasa-ƙasa ne mai ramuka. Na dama kuwa sumul. Daga nan na riga na sani, sauran duban don in tabbatar wa mai kaya ne, saboda jaka goma sha biyar ya ba da, ba zai so ya ji maganar daga baki kawai ba.

Abu na biyu da na nuna masa shi ne farin gefen katin. A katin asali farin nan takarda ce tsura, ba tawada. Tsohon kati yana ɗan yin ja-ja da shekaru, sikana ta ɗauke wannan a matsayin launi, inji ya buga shi. Sai ka tarar da 'yan ɗigon rawaya da ja sun bazu a wurin da bai kamata a ce akwai komai ba. Har da wani abin dariya: a kusurwar sama akwai ɗan farin tabo irin na katin da ya sha aljihu. Na sa farce, ba kwarzane, takardar lafiyarta lau. Tabon katin da aka kwafa ne aka buga tare da hoton.

Ciyawar filin da ke bayan ɗan wasan ma ta tona shi, domin ɗigon asali da sabon ɗigo sun haɗu sun yi faɗa, suka haifar da wani igiyar ruwa-ruwa kamar wadda kake gani a shadda. Masu wayo suna dusashe hoton kafin su buga don su kashe wannan, sai furannin su fito da tsabta amma gashin kai da zaren riga su narke. Ko ta ina ya bi sai ya biya wani abu.

In ba injin faranti aka yi amfani da shi ba, aikin ya fi sauƙi. Firinta mai fesa tawada ba ta yin furanni sam, ɗigonta a warwatse yake kamar an watsa gero. Mai hoda kuma tana da jerin ɗigo, amma hodar a saman takarda take zama, tana ƙyalli idan ka karkata katin, kuma a gefen kowane harafi za ka ga ƙura-ƙurar baƙi ta fantsama.

Yanzu ga inda za ka iya jin kunya, don ni na ji. Ina sabon shiga na taɓa ce wa wani mutum katinsa jabu ne don na ga bakin rubutu da haƙora. Ashe farin rubutu ne a cikin jan fili. Farin harafi ba tawada ba ce, rami ne da aka bari a cikin ɗige-ɗige, dole bakinsa ya ɗan yi tsaga ko a katin asali. Haka rubutu mai launi, kore ko ruwan lemo, da ɗigo ake haɗa shi. Baƙin rubutu a kan fili mai haske kaɗai ne shaidarka. Sannan wasu katunan zamani na asali ana buga su da ɗigo mai warwatse mai ƙanƙanta, don haka rashin furanni shi kaɗai ba hukunci ba ne. Akwai kuma manyan masu jabu da suke sake rubuta sunan da kansu su buga shi a farantin baƙi daban, ya fito da kaifi. Waɗannan ba ka kama su sai da katin asali na wannan jerin a gefe, ko da na ɗan wasan da ba wanda ya damu da shi ne. Ka jera su a ƙarƙashin luf ɗaya, ka gwada kaurin harafi, girman furanni da karkatar layin ɗigo. Shi ya sa nake ajiye tarkacen katunan nan a durowa da kake cewa in zubar.

Ka riƙa duban kaurin katin ta gefe ma. Katunan wasa irin na Pokémon takarda biyu ce aka manne da siririn layi mai duhu a tsakiya don kada haske ya ratsa, jabu mai araha kuwa fari ne fat daga sama har ƙasa. Kada ka yaga kayan mutane don ka gani, luf ya isa.

Luf mai ninki 10 yana nuna duk abin da na faɗa. Ka manna shi a idonka, katin ne za ka matso da shi, ba kai za ka riƙa kai da komo da gilashi ba. Fitila kuma ta zo ta gefe, a kwance. Hasken da ya sauko daga sama tsaye yana shafe komai.

Liyari babu ɗigon tawada a jikinsa, amma hankalin ɗaya ne: na asali daga hatimin ƙarfe ya fito, jabu daga wani liyarin ya fito. Ana buga na gaske ne da matsi mai ƙarfi, azurfa ta kutsa cikin kowane lungu na hatimin, sai harafi ya tashi tsaye, inda ya haɗu da fili akwai kwana mai kaifi. Wanda aka zuba a gurbi ba haka yake ba. Narkakken ƙarfe ba ya cika lungu, harafin sai ya zama kamar tudun yashi bayan ruwan sama, gindinsa ya malale cikin fili. Filin kansa kuma za ka gan shi da ƙananan ramuka na iska da 'yan ƙuraje.

Mai sayarwa zai ce maka tsufa ne ya cinye shi. Tsufa wurin da hannu ke taɓawa yake ci: kuncin Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya da hotonta ke jiki, kafaɗarta, ƙirjin gaggafar da ke baya. Ba ya shiga cikin ramin harafi ko tsakanin gashin fiffike. Liyarin da ya shekara hamsin a wuyan mace samansa ya lashe, amma lungunansa da kaifinsu. Na maƙerin nan ko'ina laushi ɗaya ne.

Sai baki. Liyarin Mariya Tereza yana da rubutun Latin mai tudu a zagayen bakinsa, tare da 'yan ado tsakanin kalmomi. A wancan, rubutun ya dusashe, ga wani siririn layi ya bi tsakiyar bakin inda rabin gurbi biyu suka haɗu, a wasu wuraren kuma an goge layin, sawun magagari a jere ya fito. Muka ɗora shi a sikelin maƙerin. Na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfa kashi 833 cikin 1000. Wannan giram 24 ya yi, kuma da muka ɗora shi a kan yatsa muka ƙwanƙwasa, ƙarar ta mutu nan take maimakon ta ja.

Akwai jabun da ake bugawa da hatimin da aka kwafo daga liyarin gaske, bakinsa ba layi, nauyinsa ma ya kusa. Shi kuma kwarzanen uwar yake gada. In aka kawo maka guda uku ka ga rami iri ɗaya a wuri ɗaya a kuncin kowanne, daga tukunya ɗaya suka fito.

Kada kuma shekarar ta ruɗe ka. Sarauniyar ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗinta da wannan shekarar, a Viyana da Landan da Faris da Roma da Bombai, har yanzu ma Viyana tana bugawa. Saboda haka liyari mai 1780 yana iya zama azurfa ta gaske, bugun gidan kuɗi na gaske, amma kakarka ta girme shi. Idan mutum ya zo Garwa da shi yana neman farashin kayan tarihi, ka auna, ka duba baki, ka yi masa kuɗin azurfarsa.

Gobe kafin mu kunna inji, ɗauko ragowar katin gayyatar bikin da muka buga makon jiya, ka yi masa kwafi mai launi a shagon maƙwabci, ka kawo su biyun. Ina so ka nuna mini da kanka harafin da ya fara lalacewa.