Muryar kaka a cikin zaren kaset

"Maigida, an kawo mini tsohon kaset da zarensa ya tsinke, mai shi ya ce muryar mahaifiyarsa ce a ciki. In haɗa da salatif in sa a rikoda mu ji?"

Ajiye salatif ɗin nan tukuna, ɗana, ka jawo kujera.

Akwai wani saurayi da ya taɓa zuwa wurina da kaset a naɗe cikin hankici. Kakarsa ce ta yi waƙa a ciki tun kafin a haife shi, ta rasu, kuma babu kwafi ko ɗaya. Ɗoki ya sa ya jefa shi cikin wata rikoda da ta shekara goma ba a kunna ba. Baiti ɗaya ya ji, rikodar ta cinye zaren. Robar da ke matse zare ta yi danƙo, zaren ya nannaɗe a jikinta, shi kuma ya fizgo da ƙarfi har ya tsinke.

Ya ce shi yake so ya gyara da hannunsa, ni dai in tsaya a kansa. Na yarda.

Kafin komai na sa ya ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kaset, domin in babu su maɓallin ɗauka ba ya dannuwa, ba mai shafe waƙar bisa kuskure. Gidan kaset ɗin irin na liƙe ne, ba noti, sai da muka tsaga shi a hankali ta gefe. A ciki muka tarar ɗan soson da ke danna zare a kan hed, wato ƙarfen rikoda da ke karanta muryar, ya faɗo, gam ɗinsa ya bushe. In babu wannan soso murya ba ta fita sosai, ta zo ta ɗauke. Muka samo wani kaset mai noti biyar da sosonsa ke da lafiya, muka zubar da zarensa, ya ɗauko ƙullin zaren kakar biyu a shimfiɗe ya kwantar a sabon gida. Hannunsa na rawa, na ce kada ya ɗaga su a tsaye, in suka warware mun kwana a nan.

Wurin haɗin ne muka daɗe. Ya so ya yanke duk inda ya yamutse. Na ce ya yi lissafi: zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa ɗaya, wato in ka yanke santimita 10 ka zubar da daƙiƙa biyu na muryarta, kuma gefe biyu za su yi asara, tunda duk a zare ɗaya suke. Inda ya yamutse kawai yana iya wucewa, sai dai murya ta ɗan girgiza. Bakin da ya yage kaɗai ya datse da reza, ya haɗa baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, ya manna ɗan tef na haɗa zare a bayansa, gefen da ba ya taɓa hed, ya gyare gefensa daidai faɗin zaren. Salatif da kake riƙe da shi, gam ɗinsa yana tsatsowa da zafi, ya manne zagayen da ke kusa, wata rana a kunna ya sake tsinkewa a wurin.

Ya juya zaren da biro daga farko har ƙarshe don mu ji ko yana cijewa. Rikodata kuma na goge hed da robar da auduga da sifirit, na gwada ta da kaset ɗin banza.

Da muka kunna, muryar ta fito kamar daga cikin bargo. Ya dube ni, ya ɗauka shi ke nan. Matsalar ita ce na'urar da aka ɗauki waƙar da ita hed ɗinta ya ɗan karkace, don haka sai namu ya karkace daidai da shi. Akwai ƙaramin noti a gefen hed. Na ba shi sukudireba na ce ya juya kaɗan kaɗan yana saurare. Bai kai rabin juyi ba muryar ta washe, har ana jin inda take jan numfashi. Ya saki sukudireban ya yi shiru. Ni ma na ba shi wuri.

A kunnawa ta gaba muka jona waya zuwa kwamfuta, ya ɗauke gefe biyun da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity ya ajiye a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, don tsohon zare ba a yawan wahalar da shi. Bayan kwana biyu ya dawo ransa a ɓace: ya matsa wa tace ƙarar shuuu ɗin nan ta kaset a kwamfuta har kakar ta koma kamar mai waƙa a ƙarƙashin ruwa, numfashin ma ya tafi. Allah ya so na hana shi taɓa kwafin farko. Ya koma kan wannan kwafin, ya bar shuuu ɗin yadda yake.

Miƙo mini naka in gani, noti ne da shi ko liƙe?