Fatawa: Gwada Tela Kafin a Ɗauke Shi Aiki, da Hukuncin Kayan da Ya Ɓata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Kano, ina da ƙaramin shago mai kekunan ɗinki huɗu. Idan salla ta matso aiki yana yi mana yawa, sai in nemi ƙarin hannu. Duk wanda ya zo ya ce ya iya, nakan zaunar da shi kwana uku in ba shi ɗinkin mutane in ga hannunsa. Abincin rana kawai nake ba shi, kuma ba ma maganar kuɗi sai na ce na ɗauke shi. A wannan karon wani ya ɗinka kaftani uku masu kyau, har masu su sun karɓa, amma a na huɗu ya zarce wajen yanka wuya ya ɓata shaddar wani Alhaji. Ban ɗauke shi ba, ban kuma ba shi komai ba. Shin ina da haƙƙinsa a kaina? Wa zai biya shaddar? Sannan maƙwabcina yana so ya kawo min ɗansa mai shekara 14 koyon sana'a, shi ma zan iya gwada shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, gwajin kansa halal ne, kuma ga wanda ke riƙe da kayan mutane irinka ya fi kusa da abin da ake so a yi. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta mafi alherin wanda za a ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi amintacce. Ba da ka ta faɗa ba, ta ga Annabi Musa (AS) a bakin rijiya yana shayar musu da dabbobi. Ƙarfi a kowane aiki gwargwadon aikin ne, ƙarfin tela kuwa yana cikin awonsa da almakashinsa. Haka nan a Suratun Nisa'i, aya ta 6, Allah ya ce a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu. Idan har sai an gwada mutum kafin a ba shi dukiyarsa ta kansa, to ba shi dukiyar wani ya fi cancantar gwaji.

Inda aka samu matsala shi ne yadda kake gwajin. Ka haɗa abubuwa biyu da hukuncinsu ya bambanta.

Na farko, gwajin da amfaninsa ba ya komawa aljihunka. Ka ɗauko ragowar yadi ko yadi mai arha na shago, ka ce masa ya auna ɗaya daga cikin yaranka: kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya da tsawon riga. Ka duba ko ya bar rarar ɗinki kafin ya sa almakashi. Ka sa ya haɗa wuya ɗaya da aljihu ɗaya, domin a nan ne hannun da bai nuna ba yake tona kansa. Idan ya gama ka juya ɗinkin ta ciki. In ka ga zare ya yi sako-sako ta ƙasa, ko yadin ya tattare a kan layi, ka zura masa ido ka ga ko zai gyara ƙarfin zaren da kansa ko zai ɗora wa keke laifi. Wannan ba ya wuce awa biyu zuwa uku, kuma abin da ya fito ba na sayarwa ba ne. A irin wannan ba ka da bashin lada, matuƙar ka faɗa masa tun farko cewa gwaji ne ba biya. In ka ba shi kuɗin mota, kyautatawa ce.

Na biyu shi ne wanda ka yi. Ka ba shi kayan masu kawo ɗinki, ya ɗinka, ka miƙa wa masu su, ka karɓi kuɗi. Wannan sunansa ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ko da bakinka ya kira shi gwaji. Ibn Abi Zaid ya faɗa a cikin Risala cewa ijara ta halatta idan an yanka mata wa'adi kuma an ambaci lada. Kai ka yanka wa'adi, kwana uku, amma ka bar lada a duhu. Idan ijara ta ɓaci ta wannan hanya kuma aiki ya riga ya wakana, malamanmu sun ce a ba ma'aikaci ladan da ake ba irinsa a kan irin wannan aiki. Misali, in ana kawo maka kaftani a naira 6,000 kuma wanda ya ɗinka a shagonka yana ɗaukar 2,500, to wannan bawan Allah yana binka 7,500 na kaftani uku. Ka sa alƙaluman shagonka a madadin nawa.

Watakila ka ce ai ya ci abinci. Gaskiya ne a mazhabar Malik ya halatta a ɗauki mutum aiki a kan ciyarwa, amma sai idan an yi yarjejeniya a fili cewa abincin shi ne ladan. Ku ba ku yi haka ba. Ya yi shiru ne saboda yana sa ran aiki, shirun mai neman abinci kuwa ba yafiya ba ce. Ba kuma za a mayar da abin ju'ala ba, wato yarjejeniyar da ba a biyan lada sai an samu abin da aka nema, a ce "in aikinka ya yi min in biya ka, in bai yi ba ka tafi", domin a wajen malamanmu ju'ala ba ta inganta a aikin da amfaninsa zai zauna a hannun mai sa aikin alhali ma'aikaci ya tashi a tutar babu. Kaftani ukun nan sun zama kuɗi a hannunka.

Ina jan hankalinka a nan da gaske. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya ce mutum uku shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki daga gare shi, bai ba shi ladansa ba. Na san akwai masu shago da suka mayar da wannan dabara: ana saura kwana goma salla su tara matasa da sunan gwaji, su rage tulin ɗinki da guminsu, sannan su ce babu wanda ya ci. Ban ce niyyarka ke nan ba, tambayarka ma shaida ce a kan haka. Amma duk wanda ya kira mutum gwaji alhali ya san ba shi da gurbin da zai sa shi, ya haɗa cin haƙƙi da yaudara. Saboda haka ka nemi wannan mutum ka biya shi, har da waɗanda suka gabace shi in akwai. Wanda ka nema iya ƙoƙarinka ba ka samu ba, ka yi sadaka da haƙƙinsa a madadinsa, da niyyar in ya bayyana ka biya shi.

Sai maganar shadda. Tsakaninka da Alhaji, kai ne mai biya. Kai ka kafa shago ka buɗe ƙofa ga jama'a, kai ya miƙa wa kayansa ya tafi, kuma Risala ta ce masu sana'a suna lamunin abin da aka bar musu, da lada suka yi aikin ko ba lada. Alhaji bai san wani ɗan gwaji ba. In ɓarnar kaɗan ce, ka gyara, ka biya abin da darajar rigar ta ragu. In ta kai ba za a iya sa rigar yadda ya nufa ba, zaɓi yana hannunsa: ko ya karɓi kuɗin shaddarsa ya bar maka ita, ko ya riƙe ta ya karɓi ragin. Ƙimar da ake lissafi da ita ita ce ta ranar da ya kawo maka. Ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru, kada ka rufe wajen da aikin wuya ka yi shiru.

Tsakaninka da wanda ka gwada kuma, Shaikh Khalil a Mukhtasar ya sa ma'aikacin da ke aiki a ƙarƙashin mai sana'a cikin amintattun da ba sa lamuni. Ba zai biya ba sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci bayyananne. Da a ce ka zana masa wuya da alli ka ce nan zai bi, ko ka ce kada ya yanka sai ka dawo, ya saɓa, to da kana da damar ka bi shi. Amma in miƙa masa ka yi ka ce ya yanka a gabanka, hannunsa ya kuskure, to kai ka ɗora dukiyar amana a hannun da ba ka gama sani ba, asarar taka ce. Ba shi da lada a kan na huɗun, amma kada ka cire kuɗin shaddar daga ladan ukun farko. Nan gaba ka bi abin daki-daki: ragowar yadi tukuna, sannan haɗa abin da kai ka yanka, a kan kuɗin da kuka ambata, yankan shadda ya zo ƙarshe.

Yaron maƙwabcinka kuwa ba iyawa za ka gwada ba, don da ya iya da ba a kawo shi ba. Abin da za ka duba shi ne ko zai iya koyo: yana karanta lambobin tef, idonsa yana ganin ramin allura, zai iya bin layi a kan takarda da keke ba zare, yana zuwa a kan lokaci, yana dawo da canji cif in an aike shi. Ku yanka wa wannan wata ɗaya, kai da mahaifinsa, tunda yaro bai kai ya ƙulla wa kansa yarjejeniya ba. In wata ya cika ka faɗi matsayinka. In bai dace ba, ka gaya wa uban a keɓe, ba a gaban yaran shago ba.

In ka karɓe shi, Khalil ya kawo halaccin a ba mai sana'a yaro ya koyar da shi a kan aikin da yaron zai yi masa na shekara guda, ana ƙirgawa daga ranar da ya karɓe shi. Shekarar misali ce, abin nufi wa'adi sananne. Koyarwarka ita ce ladansa, hidimarsa ita ce ladanka. Don haka ku rubuta a gaban shaidu biyu: shekara nawa zuwa yaye, me za ka koya masa, yaushe zai hau keke, yaushe zai fara yanka, wa ke ciyar da shi da rana, da lokacin da za ka sake shi ya tafi makaranta. Shara da guga da sa maɓalli suna cikin sana'a, babu laifi ya fara da su. Amma in shekara ta zagayo yana ɗebo ruwan gidanka da kai cefane bai taɓa riƙe almakashi ba, ka karɓi hidimarsa ba ka biya naka ɓangaren ba, kuma mahaifinsa yana da damar ya ɗauke shi ya nemi ladan wannan hidima.

Allah ne mafi sani.