Tambaya da Amsa: Kuɗin darasi ta waya, wata-wata ko na shekara?

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a Birni, nan Damagaram, ina koyar da ƴan jarrabawar BEPC ta WhatsApp a kan sefa 3,000 kowane wata. Wasu iyaye suna so su biya na shekara gaba ɗaya in yi masu ragi. Nawa ya kamata in rage?

Amsa: Malam, kada ka yi lissafi da wata 12, domin karatun waɗannan yara daga Oktoba yake farawa ya ƙare wajen Yuni, wata 9 ke nan, cikakken kuɗinsu kuma sefa 27,000 ne. Kafin ka yanke ragi, ka buɗe littafinka na bara ka ga wata nawa kowane ɗalibi ya biya. Wannan ne ma'auni, saboda biya ta Airtel Money ko Nita sai uba ya tuna ya tura da hannunsa, kuma duk ƙarshen wata dama ce ta ya fasa. Mu ɗauka yawancinsu wata 5 suka biya suka ɓace: kowane ɗaya 15,000 ya kawo maka, saboda haka wanda ya ba ka 21,000 a dunƙule ya fi shi amfani ko da ka yafe masa wata 2.

Sai dai masu saurin karɓar tayin shekara galibi su ne waɗanda da ma za su zauna har jarrabawa, kuma a kan kowanensu 6,000 ka yi asara. Shi ya sa a ganina ragin kada ya wuce wata 2, idan kuma littafin ya nuna ɗalibanka ba sa gudu, wata 1 ya isa, su biya 24,000. Ka rufe tayin a ƙarshen Nuwamba, in ba haka ba lissafin zai rikice.

Kuɗin da ka karɓa a dunƙule amana ce, domin ba ka yi aikinsa ba tukuna. Ka raba 21,000 gida 9, kusan 2,300 a wata, ka riƙa taɓa wannan kaɗai, tun da data da cajin waya suna jiranka har Yuni. Ka kuma rubuta sharaɗin fita tun farko: wanda ya janye bayan wata 4, za a lissafa masa watannin a farashin 3,000, a cire 12,000, a mayar masa da 9,000.

Ta fannin waya, ka sani WhatsApp ba ya fitar da kowa daga rukuni don kuɗinsa ya ƙare, kai ne za ka rubuta ranar ƙarewar kowa ka cire shi. Bidiyon da aka riga aka sauke kuma yana nan a wayar mai shi, yana iya tura wa abokansa, don haka ko wanda ya biya na shekara ka riƙa sakar masa darussa mako-mako.